Ku Tambaya: Wa Kake Kira da Taken Shafinka?

*Malam, ina sayar da kayan sola a Wunti. Na biya an yi mini shafin intanet, takensa: "Sola Bauchi, Batir, Inbata, Yadda Ake Haɗa Sola, Mafi Arha a Najeriya". Mutane na shiga amma ba mai kira. Ina matsalar? (Mai shago, Bauchi)*

Alhaji, kira uku ka haɗa a baki ɗaya, shi ya sa ba wanda ya amsa. Ka duba masu shigowa Wunti: wani tambaya ya zo yi, wani da kuɗi a aljihu, wani kuma shagon wane yake nema, ko kallon naka ba zai yi ba. Haka masu bincike a Google suke. Tun 2002 wani masani, Andrei Broder, ya kasa su gida uku: mai neman sani, mai neman saye ko yin wata hulɗa, da mai neman wani shafi takamaimai.

Wanda ya rubuta "yadda ake haɗa sola" ko "fanel nawa zai ɗauki firij" ilimi yake nema, watakila ma ɗalibin ATBU ne da aka ba aiki. Ya shigo ya tarar da hotunan kaya da lambar waya, dole ya juya. Wanda ya rubuta "200Ah battery price in Bauchi" kuwa ya riga ya san girman batirin da yake so, ya faɗi gari, farashi kawai yake jira. Shi ne naka.

Kafin ka zaɓi take, rubuta kalmomin a Google da kanka, ka ga abin da ya cika shafin farko na sakamakon binciken. In bidiyo ne da dogayen bayanai, masu neman sani ne suka fi yawa. In shaguna ne da taswira da farashi da tallan da aka yi wa alamar Sponsored, masu saye ne. In kamfani ɗaya ne ya mamaye sama, wajensa ake nema. Ka gwada da Hausa, ka gwada da Turanci, don mutanenmu da yawa da Turanci suke neman farashi.

Sai ka raba shafin biyu. Taken na saye ya zama haka:

```
<title>Farashin Batirin Sola 200Ah a Wunti, Bauchi</title>
```

Na bayanin haɗawa ya samu nasa taken, da hanyar da za ta kai mai karatu ga na farashin. Kada take ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, don Google na datse wutsiyarsa. Kuma in ka rubuta "farashi", to lallai a tarar da farashi na yanzu a ciki. "Mafi arha a Najeriya" kuma a cire shi, tunda ba ka zagaya Najeriya ka tabbatar ba.

*Dubban mutane na neman "JAMB portal". In na sa shi a taken shafin shagona na fotokwafi, ai za su zo ko? (Matashi, Pantami, Gombe)*

A'a, ƙanena. Shafin JAMB suke nema, shi za su danna. Wanda ya ɓata ya faɗo naka zai fita yana tsaki, wani ma ya ɗauke ka ɗan damfara. Rubuta aikinka da unguwarka, shi ke nan.

*Turaren wuta nake yi a gida. Wani ya ce in ba shi naira dubu 50 ya gyara take, cikin mako ɗaya in zama ta farko. Kuɗin adashina ne, hankalina bai kwanta ba. (Uwargida, Gombe)*

Hajiya, madalla da kika tambaya kafin ki biya. Ki riƙe kuɗinki. Wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya, don mata masu sana'a a gida aka fi yi wa shi. Google ba ya sayar da matsayi a sakamakon bincike na asali, talla kawai ake biya, kuma ba wanda zai iya lamunce miki zama ta farko. Dabarar da ake yi ita ce a sa sunan sana'arki a take, a rubuta sunan a gabanki, ki ga kin fito a sama ki yi murna. To wa ke neman wannan sunan in ba wanda ya riga ya san ki ba? Sabuwar mai saye "turaren wuta na amare a Gombe" za ta rubuta, a nan ake gane aiki. Wasu kuma cusa kalmomi suke yi har take ya zama shirme, alhali Google kan sauya irin wannan taken da nasa.

Ki tambaye shi wace kalma yake nufi, kuma masu rubuta ta saye suke so ko koyon haɗawa. In ya fara kame-kame, kin ga amsa. Akwai Search Console, kayan aikin Google ne na masu shafi, kyauta ne. Ki sa wani na gida ya haɗa shi da shafinki, a buɗe Performance, a duba Queries. Nan za ki ga kalmomin da aka nemo ki da su. In "yadda ake haɗa turaren wuta" ne ya fi yawa, masu koyo ne ke ganin ki, sai ki gyara taken ya ambaci sayarwa da gari, ki ba shi 'yan makonni kafin ki sake dubawa.