Takardun taro biyu, ƙuduri ɗaya: abin da ya same ni a Kakuri

"Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Kaduna. Da Hausa muke taro, da Hausa nake rubuta bayaninsa, amma muna da mambobin da Turanci kawai suke karantawa. Kullum aka juya musu sai a sami saɓani kan abin da aka yanke. Don Allah yaya kuke yi?"

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, domin wannan abin ne ya kusa raba ni da mutuncina a unguwa. Ni ne sakataren ƙungiyar masu gidaje ta layinmu a Kakuri lokacin da tiransifomarmu ta ƙone. Aka zauna aka yanke cewa kowane gida zai ba da ₦20,000. Gidaje 62 ne a rajistarmu, kin ga ₦1,240,000 ke nan, daidai kuɗin gyara da kuɗin ɗauko ta. Duk wanda ya zauna a taron ya san gida ana nufin gini, mai ƙofa ɗaya da lamba ɗaya, kuma mai gidan ne zai biya, in ya so ya raba wa 'yan hayarsa. Haka na rubuta.

Sai wani daga cikin shugabanni ya karɓi takardar ya ce zai ba ƙaninsa ya juya, wai ya fi mu boko. Yaron bai zo taron ba. Ya ga gida, ya sa kalmar Turancin da ke nufin iyali. Gidan haya mai iyali takwas, maimakon ₦20,000 ya koma ₦160,000. Maƙwabtanmu masu karanta Turanci suka ƙirga iyalan layin suka sami 210, suka buga lissafi ya ba su ₦4,200,000. Suka ce to ina za a kai rarar kusan miliyan uku?

A taro na gaba wani dattijo da muke gaisawa kullum da safe ya miƙe da takardu biyu a hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ce sakatare na da littafi biyu, ɗaya na 'yan'uwansa, ɗaya na waɗanda za a cuta. Kin san garin nan, maganar kuɗi ba ta daɗewa take komawa maganar mu da su. Shi kuwa wanda ya kai wa ƙanin nasa aikin yana zaune a gefena, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Uffan bai ce ba. Na juya na dube shi, ya kau da kai. Har yau bai taɓa cewa shi ya karɓi takardar a hannuna ba, kuma idan muka haɗu sai ya washe baki yana tambayar iyali. Matata sai da ta daina zuwa ɗiban ruwa a layin na wani lokaci saboda habaici. Allah ya isa ban ce ba, amma na ji zafi.

To ga abin da muka koma yi. Ki raba ƙuduri da hira. Muhawarar da aka yi, wane ya ce wane ya ce, ko an taƙaita ta a fassara ba a yi asara ba. Amma abin da aka yanke ki cire shi daban, ki ba shi lamba, misali 3/2024, lambar nan kuma ita ce a takardar Hausa, ita ce a ta Turanci. Kowane ƙuduri ya faɗi wanda zai yi, abin da zai yi, nawa ne, zuwa yaushe, da abin da zai biyo baya in bai yi ba. Namu da muka sake rubutawa cewa ya yi: kowane mai gini da ke cikin rajistar ƙungiya zai biya ma'aji ₦20,000 kan kowane gini, komai yawan 'yan hayar da ke ciki, kafin ƙarshen ranar 30 ga Afrilu. Ya yi tsawo, amma mai juyawa ba shi da wurin da zai yi hasashe.

Hausarmu tana da daɗin ɓoye mai aiki. Mu ce a kai kuɗin banki, a sanar da mai unguwa, kowa ya gane. Mai fassara kuwa yakan cike gurbin da kansa, ya sa ma'aji inda taro ya nufi shugaba. Don haka kada ki bar "a yi" a cikin ƙuduri, ki sa muƙamin mutumin. Haka lokaci: bayan Sallah, sati na sama, ƙarshen wata, duk ki mayar da su rana da sunan wata. Kuɗi kuma da lamba da kalmomi, domin in kika rubuta dubu ɗari biyu da hamsin kawai, wani 250,000 zai karanta, mai neman rigima ya ce 200,050 ne.

Wanda ya fi yi mana amfani shi ne juya ƙudurin tun a zauren taro, kafin a ɗaga hannu. Sakatare ya karanta da Hausa, mai fassara ya karanta da Turanci, shugaba ya tambayi masu jin harsunan biyu ko abu ɗaya suka ji. Da mun yi haka a farko, da a nan take wani zai ce tsaya, gini ko iyali? Yana cin lokaci, dattawa za su yi ta duba agogo saboda Magariba, ki daure. Kuma wanda bai halarci taro ba kada ya taɓa miki takarda, ko farfesa ne.

Bayan an buga takardun, mukan ba wani mutum na uku ta Turancin kaɗai, ya faɗa mana da Hausa abin da ya fahimta, ni kuma ina riƙe da tawa ina bi. A nan muka taɓa kama wata: wani ya roƙa a taro a duba yiwuwar sassauta wa matan da mazansu suka rasu, ba a kaɗa ƙuri'a a kai ba, amma a Turancin ta fito kamar an yafe musu. Shawara daban, abin da aka amince daban, kuma kalmar da kika zaɓa wa kowanne a harsunan biyu kada ki riƙa sauya ta don ƙawata rubutu.

Sai ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiya wace takarda ce uwa idan an sami saɓani. Mu ta Hausa muka zaɓa tunda da ita ake taro, kuma masu karanta Turancin ne ma suka kawo shawarar, da sharaɗin shugaba da sakatare su sa hannu a duka biyun rana ɗaya, a raba su tare. In an yi gyara a taro na gaba, a gyara biyun a gaban kowa. Saƙon murya da shugabanni ke son turawa a WhatsApp bayan taro kuma, ki roƙe su su bari. Namu ya taɓa ƙara tarar ₦1,000 daga bakinsa wadda babu ita a ko wace takarda, aka zo ana tambayata ni.