Airsoft, paintball da bindigar iska: wacce zan fara da ita?

Tambaya: Malam don Allah ni sabon shiga ne, ina ganin su a bidiyo duk kamar abu ɗaya, wai meye bambancinsu kuma wacce ce ba ta da haɗari?

Amsa: To ɗan'uwa, biyu daga cikinsu an yi su ne don a harbi juna a filin wasa, ta ukun kuwa, bindigar iska, ko da wasa ba a nuna mutum da ita.

Bari mu duba ƙarfi, ana auna shi da jul. Airsoft ƙwallon roba ne ɗan mitsitsi, milimita 6, nauyin giram 0.20, in ya fita da gudun mita 100 a sakan ya ba ka jul 1 kenan, zafinsa kamar cizon zuma. Paintball ƙwallon fenti ne mai kusan giram 3, filaye ba sa yarda ya wuce ƙafa 300 a sakan, wajen jul 12. Bindigar iskan da ake riƙewa ba lasisi a Ingila iyakarta wajen jul 16.

Nan fa mutane ke ruɗewa, sai ka ji an ce ai 12 da 16 kusan ɗaya ne. Ina! Ƙwallon fenti faɗi gare shi kuma fashewa yake yi a jikinka, ƙarfin ya watse, iyaka ka tashi da tabo ja kamar kwabo na 'yan kwanaki, amma harsashin dalma na bindigar iska, mai milimita 4.5 ko 5.5, ba ya fashewa, duk ƙarfin a ɗan wuri guda yake taruwa sai ya huda fata ya shige, shi ya sa ake kashe ɓera da zomo da shi, kuma wallahi ya sha kashe mutane, musamman yara.

Ido kuwa ko jul 1 ɗin nan ya isa ya tsiyayar da shi. A paintball takunkumi mai rufe fuska gaba ɗaya dole ne, a airsoft tabarau mai manne wa fuska ba kafa a gefe, wanda ke da tambarin Z87+, wato shaidar yana jure bugu mai ƙarfi, ka ƙara ragar baki don haƙori na karyewa. Gilashin rana ba ya aikin nan. Inda aka fi jin ciwo shi ne gumi ya sa gilashi ya yi hazo mutum ya ɗaga don ya goge ana tsaka da harbi. Kar ka ɗaga, kira alƙalin wasa ya fitar da kai.

Filin kirki za ka ga suna gwada gudun kowace bindiga da na'ura kafin a shiga, a wajen hutu kuma a rufe bakin bindiga. In ba sa yi, juya abinka.

Ni dai paintball zan ce ka fara da ita, haya za ka yi a filin, komai nasu ne. Bindigar iska a dokar makamai ta Najeriya sai da lasisi, airsoft kuma kamarta ɗaya da ta gaske, ɗan sandan da ya hango ka da ita a titi ba zai tsaya tambayar ko ta roba ce ba.