Tsara takardun neman aiki a Excel: ranar bibiya ita ce ginshiƙi

"Wata bakwai ina neman aiki a Abuja. Takardu sun cakuɗe mini, har wa'adin wani ya wuce ban sani ba. Yaya zan tsara su a Excel?"

'Yar'uwa, wannan ya taɓa cina a Jos. Wani kamfani ya kira ni ganawa, na kasa tuna irin aikin da na nema.

Kowane aiki ki ba shi layi ɗaya. A sama ki jera ma'aikata, muƙami, ranar rufewa, ranar da kika tura, mataki, sai ranar bibiya. Ta ƙarshen ita ce ginshiƙi. In ranar turawa tana D2, rubuta wannan a F2:

```
=D2+14
```

Kin tura ranar 3 ga Maris, zai nuna miki 17 ga Maris, ranar da za ki aika saƙon tuni. Sati biyun zaɓina ne. Aikin gwamnati kan ɗauki watanni, can sai ki ƙara.

Ki kula da kwanan wata sosai. In kwamfutar tana bin tsarin Amurka, 3/4 zai koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Wanda ya manne a hagun akwatinsa kuwa, Excel ya ɗauke shi rubutu ne, lissafi ba zai yi daidai ba.

Mataki kada ya wuce biyar: ban tura ba, na tura, na bibiya, ganawa, an rufe. Sannan ki kwafe sanarwar aikin gaba ɗayanta ki adana, domin sukan sauke ta daga shafinsu da zarar wa'adi ya cika.