Kafin ka biya mai haɗa manhaja, je ka zauna a shagon tela

"Salam 'yan uwa, ina da tunanin yin manhajar waya ta teloli, inda tela zai rubuta awon kwastoma da ranar karɓar ɗinki. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce abin ya yi. Mai haɗa manhajar ya ce in ba shi rabin kuɗi ya fara aiki, ni kuma tsoro nake kar in zuba kuɗi a ƙarshe ba mai amfani da ita. Ya zan gane ko da gaske ana buƙata?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah kar ka ba da ko sisi tukuna, ka ba kanka sati uku ka yi yawo a shagunan teloli, zan faɗa maka dalili daga abin da ya faru da ni.

Ni tawa manhajar ta littafin bashi ce ta masu shago. Na taso a shagon kayan masarufi na yayana a nan Kano, na ga yadda littafin bashi yake yagewa, mai ya zube a kai, a yi ta musu da kwastoma kan ko ya biya ko bai biya ba. Sai na ce ai waya za ta magance wannan. Na tambayi mutane kusan ashirin, tambayar da nake yi ita ce "in aka yi manhajar da za ta riƙe maka lissafin bashi za ka yi amfani da ita?" kuma wallahi ba wanda ya ce a'a, kowa sai ya ce masha Allah, Allah ya sa albarka, in ta fito ka sanar da ni. Da wannan na biya aka haɗa, wata huɗu ana aiki, da ta fito ni da hannuna na sa wa mutum sha bakwai a waya, bayan sati biyu mutum biyu ne kawai suke buɗe ta, ɗaya daga ciki ma yayana ne.

Ba ƙarya suka yi min ba, kara ce. Mutumin da ka zo shagonsa da fara'a kana nuna masa abin da ka ɗora wa rai ba zai kalli idonka ya ce ba ya so ba, balle in ya san mahaifinka ko kuna sallah masallaci ɗaya. Sannan tambayar kanta gurguwa ce, domin kan gobe take, kuma ba wanda ya san abin da zai yi gobe da abin da bai taɓa riƙewa ba. Abin da mutum zai iya faɗa maka daidai shi ne abin da ya riga ya faru da shi.

Da na koma karo na biyu sai na canza salo gaba ɗaya. Ban ambaci manhaja ba sam, wayata ma tana aljihu. Ina zuwa bayan azahar lokacin da kasuwa ta ɗan lafa, in gaisa, in ce ina nazari ne kan yadda masu shago suke tafiyar da bashi, in nemi minti ashirin. Tambayar farko kullum ita ce "Alhaji, yaushe ne karo na ƙarshe da kuɗinka ya maƙale a hannun wanda ka ba bashi?" daga nan sai in yi shiru in bar shi ya ba da labari, in ya tsaya in ce sai me ya faru, nawa ne kuɗin, me ka yi a kai, wa ka tura, kwana nawa aka ɗauka. In ya fara cewa "ai kullum mutane haka suke" sai in dawo da shi kan mutum ɗaya da rana ɗaya, saboda a cikin maganar "kullum" ba ka samun komai, amma in ya ce ranar Talatar da ta wuce wani ya karɓi katan biyu na taliya, to nan za ka ji gaskiyar yadda abin yake tafiya. A ƙarshe in roƙi ya nuna min littafin. Wannan roƙon ya fi duk tambayoyin amfani, abin da ido ya gani a littafi ya sha bamban da abin da baki ya faɗa.

Mutum sha huɗu na zauna da su, takwas masu shagon unguwa, shida 'yan sari a kasuwar Singa. Ina fitowa daga kowane shago nake samun gefe in rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa kafin in manta, ba na rubutu da yawa a gabansa don mutum yana ganin biro da takarda sai ya fara tunanin ko daga ofishin haraji kake, bakinsa ya rufe.

Abin da na gano ya ba ni mamaki sosai. Cikin masu shagon unguwa takwas ɗin nan babu ko ɗaya da ya kawo kukan cewa rubutu ne matsalarsa. Littafi yana musu aiki, ba ya buƙatar caji ba ya buƙatar data, yaron shago ma zai iya rubutawa in maigida ya tafi masallaci, alhali wayar tana aljihun maigidan. Sun san wanda suke bi da nawa suke binsa, wasu ma a ka suke riƙe da shi. Abin da yake ci musu rai shi ne tambayar kuɗin. Wanda ya ci bashin maƙwabci ne, ko surukin ƙaninka, ko dattijon da ba za ka iya tsayar da shi a hanya ba. Wani ya buɗe min shafi ya nuna min suna, bashin ya haura wata bakwai, ya ce min kullum suna gaisawa da mutumin da asuba amma bakinsa ya kasa furtawa. To ka ga ni na je na gina maganin mantuwa, alhali ciwon kunya ne.

'Yan sari kuma labarinsu daban. Kuɗinsu ya fi yawa, kwastomominsu 'yan kasuwa ne daga wasu garuruwa, kuma huɗu cikin shidan sun riga suna kashe wani abu a kan matsalar, wani yana da yaro da aikinsa duk ranar Alhamis shi ne kiran waɗanda ake bi, ana sa masa kati, wani yana ɗaukar hoton shafin littafi ya tura wa kwastoma ta WhatsApp. Wannan ita ce alamar da nake so ka riƙe da kyau, in matsala tana da zafi da gaske za ka tarar mutum ya riga ya ƙirƙiro wata dabara ko yana biyan wani a kanta, ko da dabarar ba ta da kyau. In ka tambaye shi me ka taɓa gwadawa ya ce bai taɓa gwada komai ba, to abin yana ɗan damunsa ne kawai, ba zai fitar da kuɗi ba kuma ba zai canza ɗabi'arsa ba.

Ko a nan ban koma wajen mai haɗa manhaja ba. Na ce wa 'yan sarin nan shida, ku ba ni jerin mutum goma da kuke bi, ni zan riƙa tura musu saƙon tunatarwa da sunan shagonku duk sati, ku biya ni wani ɗan abu a wata. Da hannu na yi, da wayata da littafi. Uku suka yarda suka ba ni lambobi, biyu daga ciki suka biya tun kafin in fara, sauran suka ce sai sun yi shawara, na san wannan a'a ce cikin mutunci. Mutumin da ya miƙa maka lambobin kwastomominsa ya ba ka abu mai tsada, wannan ya fi min yabon mutum hamsin. A cikin wata ɗayan nan kuma na koyi abin da hira ba ta nuna min ba, misali saƙon da aka ambaci adadin kuɗi ƙarara yana ɓata wa wasu rai har su kira maigida da faɗa, sai da muka mayar da shi gaisuwa da tunatarwa cewa akwai sauran lissafi. Da an dasa wancan saƙon a manhaja da an jawo wa mutane asarar kwastoma.

Yanzu kai naka. Ka nemi teloli goma zuwa sha biyar waɗanda ba su san ka ba, kar ka sa ɗan uwa ko telan da yake maka ɗinki a lissafi, kuma ka haɗa iri-iri, mai keke ɗaya, mai shago da yara biyar, da mata masu ɗinki a cikin gida, su in ba za ka iya shiga ba ka tura ƙanwarka ko matarka da tambayoyin. Ka tambaye su labarin ƙaramar sallar da ta wuce, kaya nawa suka karɓa a azumi, na mutum nawa ne bai fito ba kafin ranar idi, me ya hana, yaya aka ƙare da mai kayan. Ka tambayi yaushe rabon da awon wani ya ɓace musu, kuma ka ce a nuna maka inda ake rubuta awon. Teloli da yawa a ƙyallen yadin suke rubutawa ko a 'yar takarda su ƙulle cikin kayan, wani kwastoman ma tsohuwar riga yake kawowa a auna da ita, in ka ga haka yana musu aiki lafiya to sashen awo na manhajarka ba shi da kasuwa a wajensu. Zato na, kuma zato ne kawai sai ka je ka ji da kunnenka, saɓa alkawarin tela ba daga manta rana yake zuwa ba, daga karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa ne da rashin wuta da yaran da suke gudu ana tsakiyar aiki, kuma manhajar da take tuna masa rana ba za ta ɗinka masa riga ba. Amma ƙila ka tarar masu manyan shaguna suna fama da sanin wane yaro ne yake riƙe da kayan wa, ko lissafin kuɗin gaba da ragowar da za a cika, in mutum huɗu ko biyar da ba su san juna ba suka kawo maka kuka iri ɗaya ba tare da kai ka fara ambata ba, to ka samu bakin zare.

Abu ɗaya da hira ba za ta faɗa maka ba shi ne yawan masu matsalar a gari, mutum sha biyar sun yi kaɗan a yi lissafin kasuwa da su, abin da za su nuna maka shi ne ko matsalar tana nan da kuma wane irin tela ne take ci. Za ka san ka ji isasshe in ka shiga shago uku a jere ba ka ji sabon abu ba. Kuma ka kula da lokaci, kar ka je musu a goman ƙarshe na azumi, ba mai sauraronka, sati biyu bayan sallah ya fi, aiki ya yi sauƙi kuma ba su manta wahalar ba.

Ka gaya wa mai haɗa manhajar ya ɗan jira ka wata ɗaya. In ka gama da teloli biyar na farko ka kawo abin da suka ce da bakinsu mu duba tare, musamman amsar da suka ba ka kan abin da suka taɓa gwadawa.