Sunan ɗana ya haura kasafi da riyal dubu uku da wani abu, ina kuɗin suka bi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. A Makka nake, wajen Shari Mansur. Mun yi sunan ɗana ƙarshen Zulƙida, na ware riyal 7,000 amma da na duba banki 10,300 suka fita. Ni dai ina ganin raguna ne suka cinye ni, maiɗakina kuma ta ce jama'a ce tai yawa. Ga takardar kasafin nan da faturorin da na samu, wato rasit-rasit, a duba mana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya yaro ya ƙara wa mai jego lafiya. Na duba takardun, kuma tun kafin a je kan raguna akwai gyara a jimillar ita kanta. Abin da ya fita a banki daban, abin da suna ya ci daban. A cikin 10,300 ɗin nan akwai 500 na tamin da ka ajiye wa mai istiraha, wato wurin taron da ka kama haya, wannan kuɗinka ne za su dawo in ba a fasa komai ba, don haka cire su. Sannan a ƙasan faturar matbak, wato wurin da ya dafa muku abinci, an rubuta saura 400 ba ka biya ba, bashi ne amma an riga an ci abincin, dole ya shiga. Akwai kuma 300 na masa da kunu da ka rubuta a gefen takarda cewa uwargida ce ta biya daga kuɗin barka. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, wai tunda ba daga aljihuna ya fito ba ba kashewa ba ne. Kashewa ne mana, gudummawa shafinta daban, ita tana nuna maka wa ya biya ne ba nawa aka kashe ba. To 10,300 a cire 500 a ƙara 400 da 300, ya zama 10,500. Ƙarin da za mu nema 3,500 ne cif.

Yanzu kowane layi da ya haura tambaya ɗaya za ka yi masa, farashi ne ya tashi ko yawa ne ya ƙaru. In kuma babu shi sam a kasafin, wannan gida na uku ne.

Raguna biyu ka sa 1,200 kowanne, wato 2,400, ka saya 1,550 kowanne, 3,100 kenan. Yawa bai canza ba, biyu ne dama tunda namiji ne, saboda haka 700 ɗin nan duk na farashi ne. Dalilin ma a fili yake, ƙarshen Zulƙida a Makka layya da hadaya sun ƙarato kowa na neman dabba, kuma na tabbata 1,200 ɗin farashin wani watan ne ka riƙe a ka ba wanda ka je kasuwa ka tambayo ba. Amma ka lura 700 cikin 3,500 kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Rago ya fi tsaya maka a rai ne don a dunƙule ka biya shi kana tsaye kana ciniki.

Layin abinci shi ya fi buƙatar natsuwa don abu biyu ne suka haɗu a ciki. Ka tsara tire 10 na shinkafa da kaza a kan 120, 1,200 kenan, faturar kuma ta nuna tire 16 a kan 130, wato 2,080, ƙarin 880. Ga yadda ake raba shi. Ɗauki tiren da suka ƙaru, guda 6, ka ninka da tsohon farashi 120, ya ba ka 720, wannan laifin yawan jama'a ne. Sai ka ɗauki riyal 10 da aka ƙara a kan kowane tire ka ninka da duka 16 ɗin da aka saya, 160, wannan na farashi ne. 720 da 160 sun ba da 880 daidai, in ka haɗa bai dawo daidai ba to ka ninka da adadin da ba shi ba. Kaga ko da mai matbak bai ƙara ko halala ɗaya ba da sai ka haura da 720. In mutum biyar ke zama kan tire, ka yi shirin mutum 50 ne aka samu wajen 80, kuma mu da muka san sunan Hausawa a nan, katin gayyata ba ya tsare kowa, maƙociya za ta zo da ƙanwarta da yara huɗu kuma ba mai cewa su koma. Ruwa da lemo da gahawa da dabino ma haka, 700 ya koma 1,050, farashin katan bai motsa ba a rasit ɗin, katan ɗin ne suka ƙaru, 350 ya tafi gidan yawa.

Kayan mai jego da jariri 1,200 ya zama 1,250, wannan ba abin tsayawa ba ne, 50 ɗin na sa shi a gidan farashi.

Istiraha kuwa an ce maka 1,500 a waya ka biya 1,725. Ba ƙarin farashi aka yi maka ba, dariba ce, wato harajin VAT, kashi 15 na 1,500 shi ne 225. Tun Yulin 2020 ta tashi daga kashi 5 zuwa 15 amma har yau mutane na rubuta kasafi da farashin baki ba sa tambaya da dariba ne ko babu. Naka na gaskiya ne tunda faturar na ɗauke da lambar dariba mai lambobi 15 da alamar QR. Wanda ya ƙara maka kashi 15 a takardar hannu babu waɗannan, ka tsaya ka tambaye shi.

In ka tara duk waɗannan 2,205 ne, saura 1,295 da ba su da layi ko ɗaya a kasafinka. Yanka da fiɗa da dafa ragunan 500, ka rubuta kuɗin rago kamar a dafe zai zo gida. Mata biyu masu zuba gahawa 400. Masa da kunu 300. Ya zama 1,200, sai 95 da ban ga takardarsu ba, da alama ƙananan kuɗin hannu ne irin na mota da ƙanƙara, kar ka ɓata dare a kansu.

To ga yadda ta kaya, farashi 910, dariba 225, yawan jama'a 1,070, abin da ba a rubuta ba 1,200, sai 95. A gardamarku uwargida ta fi ka kusa da gaskiya, balle ma masu gahawar saboda cikowar mata aka kira su, in ka tura 400 ɗin can gidan yawa ya zama 1,470 ya wuce kowanne. Amma yanka da dafawa da dariba, 725 kenan, ko mutum goma ne suka zo sai ka biya su, tun ranar da ka rubuta 7,000 ainihin kasafin 7,725 ne.

Ka kira mai istiraha ka karɓo 500 ɗinka, ka kai wa mai matbak 400 ɗinsa, amma kafin ka biya duba ko arbun, wato kafin alƙalamin da ka ba shi da farko, an cire shi a faturar, ban ga inda aka rubuta shi ba.