Mala'ika, aljani da shaiɗan: yadda ake gane kowanne a cikin labari

Tambaya: "Don Allah 'yan uwa, a labaran al'ummomin duniya mene ne ya raba aljani da shaiɗan da mala'ika? Ni duk ruɗa ni suke yi."

Ɗan uwa, na daɗe ina karanta hikayoyin Larabawa da na Turawa ina kwatanta su, kuma abin da na gano shi ne siffa ba ta raba gardama. Fukafuki da ƙaho aikin masu zane ne. Ka duba abu biyu: me halittar take nema a wurin ɗan Adam, kuma ana iya yin ciniki da ita?

Mala'ika ɗan aike ne, ba shi da wata buƙata ta kansa. Shi ya sa mai labari ba ya daɗewa a kansa: ya zo, ya isar da saƙo, ya tafi. Alamarsa da ta fi yawo ita ce ba ya cin abinci. A Suratu Hud, baƙin Annabi Ibrahim ba su miƙa hannu ga gasasshen ɗan maraƙin da ya kawo musu ba, abin da ya sa tsoro ya kama shi ke nan. A littafin Tobit na Yahudawa ma, mala'ika Rafa'ilu ya yi doguwar tafiya da saurayi Tobiya a kamannin mutum, sai a ƙarshe ya bayyana kansa, ya ce cin da suka ga kamar yana yi gani ne kawai.

Aljani kuwa a nan labari yake zaƙi, domin yana da zaɓi kamar mu. Yana ci, yana aure, yana mutuwa, kuma Suratul Jinn ta ce a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Ɗauki hikayar masunci a Dare Dubu da Ɗaya. Tsoho ya jefa tarunsa, ya jawo tulun tagulla da aka toshe da dalma mai hatimin Annabi Sulaiman. Ya buɗe, hayaƙi ya tashi ya dunƙule ya zama ifiritu, ya ce kashe shi zai yi. Dalilinsa? Da farko ya yi alkawarin arzuta duk wanda ya fitar da shi, shekaru suka yi ta wucewa babu kowa, har takaici ya sa ya rantse zai halaka mai cetonsa. Ka ga wannan ba mugunta ce ta asali ba, ɓacin ran ɗaurarre ne. Masunci ya haɗa shi da sunan Allah mafi girma ya faɗi gaskiya, sannan ya ce shi fa bai yarda wannan ƙaton jiki ya shiga ɗan tulun nan ba. Ifiritu ya koma ciki don ya nuna masa, tsoho ya mayar da murfi. Daga nan sai magiya da rantsuwa, kuma da aka sake shi ya cika alkawari, ya kai masunci tafkin kifaye masu launi huɗu, arzikinsa ya faro daga nan. Aljanin hikaya yana jin girman kai, ana yaudararsa, rantsuwa tana ɗaure shi. Ni a ganina wannan labari kaɗai ya isa darasi.

Shaiɗan ba dukiyarka ko gidanka yake so ba, halakarka yake nema, kuma sai ka amince da kanka. A labarin Faust na Jamusawa, wanda aka fara bugawa a 1587, malami ya sa hannu da jininsa: wani shaiɗani mai suna Mefistofilis zai yi masa hidima shekara 24, bayan nan ransa ya zama na Iblis. Duk abin da ya samu, bashi ne da ranar biya.

Inda mutane suke rikicewa shi ne asali. A koyarwar Kirista shaiɗanu mala'iku ne da suka yi tawaye, don haka a koyarwar gida biyu ne kawai, babu na tsakiya. A Musulunci mala'iku ba sa saɓo, kuma Suratul Kahfi aya ta 50 ta ce Iblis daga aljannu yake. Saboda haka shaiɗanci hali ne da aljani, har ma mutum, kan ɗauka.

Amma kada ka riƙe ma'aunin nan kamar ba ya karkacewa. Tun da koyarwar Kirista ba ta da gurbin aljani, a wasu tatsuniyoyin karkarar Turawa Iblis ne kan yi aikinsa. A kwazazzabon Schöllenen na ƙasar Siwizalan ana ba da labarin ya gina wa mutane gada bisa sharaɗin zai karɓi ran wanda ya fara haye ta, su kuwa suka kora masa bunsuru ya haye. Sharaɗin na shaiɗan ne, tun da rai ya nema, amma faɗawa tarkon talaka, wannan halin ifiritun masunci ne sak.