Idan Shaida Ya Ce "Ina Jin", Kada Tafinta Ya Ce "Na Gani"

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara aikin fassara bayanan shaidu daga Hausa zuwa Turanci ba. Shaidu kan cika magana da "ina jin", "kamar", "wai". Wanda na tarar a aikin ya ce in riƙa zubar da su don bayani ya fito tsaf. In bi shawararsa?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka bi. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke gaya wa alƙali abu biyu: daga ina shaida ya samo maganar, kuma yaya ƙarfin tabbacinsa. Wanda ya zubar da su ya sauya shaidar, ko da sauran kalmomin duk ya fassara daidai.

Bari mu ɗauki misali. A ce an ɗauke janareto a wani gida, maƙwabciya ta zo ba da bayani ta ce:

"Bayan Isha'i ne, wajen ƙarfe tara haka. Na ji ƙarar babur na leƙa. Ina jin ɗan maƙwabcinmu ne a baya, don rigar kamar tasa ce. Da safe aka ce wai shi ya ɗauki janareton."

Mai son bayani ya fito tsaf zai rubuta Turancin da in ka maido shi Hausa zai ba ka: "Da ƙarfe 9 na dare na ga ɗan maƙwabcinmu a kan babur sanye da rigarsa. Shi ya sace janareton." Ya gajarta, ya yi daɗin karatu, amma matar ba ta faɗi haka ba.

Duba abin da ya salwanta. Lokacin da ta tabbatar shi ne bayan Isha'i. Ƙarfe tara kirdado ne, shi ya sa ta kewaye shi da "wajen" da "haka". In wanda ake tuhuma yana da mai shaidar cewa ƙarfe tara daidai yana shagonsa, to bambancin "ƙarfe tara" da "wajen ƙarfe tara" ya zama babban abu a shari'ar. Sannan ba ta ce ta ga fuska ba. Riga ta gani, rigar ma "kamar tasa", daga nan ta gina zato. Tsari ne na tunani: abin da ido ya gani daban, abin da zuciya ta ƙulla a kai daban. Fassarar ta cure su ta mai da su gani ɗaya.

Jimlar ƙarshe ta fi muni. "Aka ce" da "wai" alama biyu ce jere cewa ji ta yi a bakin mutane, ba ta ma faɗi wanda ya ce ba. A Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 126 ya ce shaidar baka dole ta kasance ta kai-tsaye, wato wanda ya gani ya faɗi abin da ya gani, sashe na 38 kuma ya hana karɓar shaidar ji-ta-ji-ta sai inda doka ta yi togaciya. Tafintan da ya share "wai" ya shigar da ji-ta-ji-ta cikin fayil da rigar shaidar gani da ido. Ka kuma lura ta ce "ɗauki", ba ta ce "sace" ba. Ko an yi sata ko ba a yi ba, alƙali ne zai yanke.

Ita kanta matar tana cutuwa. Ranar da ta tsaya gaban kotu za ta maimaita gaskiyarta, ta ce ba ta tabbata ba. Lauyan wanda ake tuhuma zai ɗaga takardar, domin sashe na 232 ya ba shi damar yi mata tambayoyi a kan bayanin da ta yi a rubuce, ya ce ai a nan kin ce kin gan shi. Sai ta zama mai baki biyu a idon kotu alhali magana ɗaya ta yi. Wannan yana damuna ƙwarai, don yawancin masu faɗa wa wannan hali mutanen da ba sa karanta Turanci ne, sun dangwala hannu a kan abin da suka amince an rubuta daidai.

Yadda nake yi shi ne, kafin in fara fassara sai in ja layi ƙarƙashin kowace kalmar shakka a bayanin Hausa, in ƙidaya su. A misalinmu akwai shida: wajen, haka, ina jin, kamar, aka ce, wai. In na gama, kowacce sai na iya nuna inda ta sauka a Turancin, kuma a kan abin da ta rataya tun asali. Shakkar matar a kan wanda ke bayan babur take, ba a kan ko babur ya wuce ba. In ka ɗauke "ina jin" ka kai shi farkon bayanin, ka raunana abin da ta tabbatar. Sai kuma nauyi. "Wataƙila" bai kai "ina tsammani" ba, "ina tsammani" bai kai "ina kyautata zato" ba, dukkansu kuma ba su kai "na tabbata" ba. Ka tanadi wa kowane mataki takwararsa, ka tsaya a kai daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Daga bisani ka ba wani da bai ga asalin ba ya maido Turancin Hausa. In abin da ya dawo ya fi na asali ƙarfi ko rauni, akwai gyara.

Inda aikin ke da wuya da gaske shi ne kalmomi masu fuska biyu. "Ina jin shi ne" zato ne, amma "ina jin muryarsa" ji ne da kunne. "Ina ganin shi ya buɗe ƙofar" ra'ayi ne, "ina ganinsa ya buɗe ƙofar" kuwa gani ne da ido, ga shi a rubuce tazararsu ƙarama ce, musamman in mai ɗaukar bayani ya yi gaggawa. A nan ba ka da ikon zaɓa wa shaida. In a zaman kotu ne, ka nemi izinin alƙali a tambaye shi abin da yake nufi. In takarda ce kawai a gabanka, ka sa ɗan bayanin mai fassara a gefe cewa jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu, ka kawo duka.

Za a ce maka ai wasu don kunya ko ladabi suke cewa "ina ga", musamman dattijuwa a gaban hukuma, ko mai rufe zance da "Allahu a'alamu" bisa sabo. Hakan na faruwa. Amma ko ladabi ne ko shakka ce, tambaya ɗaya daga alƙali ko lauya za ta warware, kuma ba za su yi tambayar ba in ka riga ka goge kalmar. Haka nan kada ka ƙara shakkar da babu don ka kare kanka. Wanda ya ce "wallahi da idona na gan shi", a bar masa rantsuwarsa da idonsa.

Ka riƙa haɗa bayanin Hausa na asali da fassarar a fayil ɗaya, ka sa sunanka da sa hannunka da kwanan wata. Ana iya kiran tafinta kotu ya tabbatar da abin da aka faɗa masa da yadda ya fassara, kuma a ranar takardar Hausar nan da layukan da ka ja a ƙarƙashin kalmomi su za ka nuna.